Sanarwar Da Maniyyaci Zai Ji Sau Ɗaya Ya San Abin Yi

Ranar Lahadi 24 ga Maris, 2024, ana tsakiyar azumi, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta sanar cewa duk maniyyacin da ya riga ya biya kuɗin kujera zai ƙara naira 1,918,032.91, saboda yadda darajar naira ta faɗi a kan dala. Aka ba da wa'adi zuwa ranar Alhamis 28 ga wata, ƙarfe 11:59 na dare. Kwana huɗu ke nan aka bai wa mutane su nemo kusan miliyan biyu, alhali da yawansu sai da suka sayar da shanu ko hatsi ko fili kafin su haɗa kuɗin farko.

Sanarwar ta faɗi adadi, ta faɗi rana, har da minti. Ga shugabannin hukumomin alhazai na jihohi, waɗanda su ne za su tattara kuɗin su tura Abuja, ta wadatar. Amma ga dattijon da ke wani ƙauye mai nisan awa biyu daga banki, ƙarfe 11:59 na dare ba lokacinsa ba ne. Bankuna suna rufe ƙofa da ƙarfe huɗu na yamma. Washegarin wannan Alhamis ɗin kuma hutun Ista ne, babu banki Juma'a, babu Asabar, babu Lahadi, babu Litinin. Sannan gwamnoni suka shiga maganar, kowa da irin tallafin da ya yi wa mutanensa. A Kano gwamnati ta ɗauke wa kowane maniyyaci naira dubu 500, abin da ya rage a kansa ya koma naira 1,418,032.91. Cikin mako guda sai ga adadi iri-iri yana yawo a rediyo da wayoyi, kowanne gaskiya ne a inda aka faɗe shi, kuma kowanne yana iya ɓatar da wanda ba da shi ake ba.

A nan ne aikin mai rubuta sanarwa yake, ko sakataren hukumar jiha ne, ko jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ko ma'aikacin kamfanin jirgin yawo. Abin da ya fito daga sama ba a miƙa shi yadda ya zo. Sai an sake rubuta shi domin mutumin da zai yi aiki da shi, kuma abu na farko da ya kamata mai rubutu ya sa a ransa shi ne cewa mafi yawan maniyyatansa ba karanta sanarwar za su yi ba, ji za su yi. Wani a rediyo zai tsinci rabinta yana kan babur. Wata ɗanta ne zai karanta a WhatsApp yana Abuja, ya bugo waya ya faɗa mata abin da ya riƙe. Wani liman ne zai faɗa bayan sallar Juma'a, mutane suna neman takalmansu. Takardar da aka rubuta a ofis sai ta bi ta baki biyu ko uku kafin ta isa, kuma kowane baki yana zubar da wani abu a hanya. Don haka ma'aunin sanarwa mai kyau shi ne ta ratsa waɗannan bakuna ta isa da adadinta da ranarta da wurinta ba su sauya ba.

Wannan ne ya sa doguwar shimfiɗa take cutarwa. Sanarwa ta fara da sunan shugaban hukuma da muƙamansa, da godiya ga mai girma gwamna, da bayanin zaman da aka yi, sai can a layi na goma a ce a biya kaza. Mai karanta wa tsohuwa a waya ba zai kai layi na goma da nutsuwar da ya fara ba. Sallama layi ɗaya ta isa. Bayanta sai a faɗi waɗanda ake magana da su, a faɗi abin da za su yi. Godiya tana da wurinta a ƙasa, ko a wata takarda dabam.

Maganar kuɗi

Bari mu ɗauki wancan mako na 2024 a matsayin misali, mu ga yadda jami'in wata ƙaramar hukuma zai iya rubuta wa mutanensa. Abin da aka saba gani shi ne irin wannan: "Ana sanar da ɗaukacin maniyyata da su gaggauta cika kuɗinsu kamar yadda hukuma ta umarta kafin cikar wa'adi, domin guje wa abin da ka iya biyo baya." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da mutum zai kama. Nawa ne cikon? Wane wa'adi? Mene ne abin da zai biyo baya? Duk wanda ya ji wannan sai ya tashi ya zo ofis ya tambaya, ko kuma ya tambayi wanda bai sani ba.

Ga yadda za ta iya zama a jihar da aka yi tallafin dubu 500:

"Assalamu alaikum. Wannan sanarwa ta maniyyatan ƙaramar hukumarmu ce waɗanda suka riga suka biya cikakken kuɗin kujera na bana. An yi ƙarin naira 1,918,032.91. Gwamnatin jiha ta biya wa kowa naira 500,000. Abin da kowane mutum ɗaya zai cika shi ne naira 1,418,032.91, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da goma sha takwas da talatin da biyu da kwabo casa'in da ɗaya. A yi daraf a banki da sunan hukumar alhazai ta jiha, a kawo shi ofishin alhazai na sakatariya tare da rasit ɗin farko, daga yau zuwa ranar Alhamis 28 ga Maris, 18 ga Ramadan, ƙarfe biyu na rana. Ranar Juma'a da Litinin hutu ne, bankuna ba za su buɗe ba. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, kada a tura a asusun wani mutum."

Akwai dalili a bayan kowace jimla. An faɗi waɗanda ake nufi tun farko, domin wanda ya ba da kafin alƙalami kawai lissafinsa dabam ne, haka wanda yake cikin adashin gata, haka sabon mai nema. Kowane rukuni da tasa sanarwar. In aka cusa su a takarda ɗaya, kowa zai ɗauki adadin da ya fi masa sauƙi. An yi wa mutum lissafin har ƙarshe, ba a bar shi da ɗebewa ba. An ce "kowane mutum ɗaya" saboda magidancin da zai tafi da matarsa kada ya ɗauka kuɗin na su biyu ne. An rubuta adadin da lambobi an kuma rubuta shi da kalmomi, domin idan mai karantawa ya ci karo da dogon layin lambobi yakan ce "miliyan ɗaya da wani abu", kuma wannan "wani abu" shi ne yake sa a yi daraf da giɓin naira dubu goma sha takwas, a dawo da mutum banki ranar ƙarshe.

Ƙarfe biyun da aka sa ita ce ta fi muhimmanci. Wa'adin aikin hajji sarƙa ne. Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya tana da ranar da take rufe biyan kuɗin masauki da tantunan Mina da Arfa, da ranar da take rufe ba da biza. NAHCON tana buƙatar kwanaki kafin wannan domin a canja naira zuwa kuɗin waje a tura. Hukumar jiha tana buƙatar lokaci ta tattara, jami'in ƙaramar hukuma kuma yana buƙatar awannin da zai ɗauki takardu ya kai hedkwata. Wanda ya kwafo wa'adin sama ya liƙa wa maniyyaci ya cinye duk wannan lokaci na tsakani. Mai rubutu ya ƙirga daga ƙarshe ya dawo baya, ya faɗa wa mutum lokacin da shi kansa zai daina karɓa, a wurin da yake zaune.

Abu guda ya rage a wannan sanarwa wanda jami'i ba zai rubuta da ka ba, wato makomar wanda bai cika ba. Za a mayar masa da kuɗinsa ne, ko za a ajiye masa zuwa baɗi? Idan mayarwa ne, takardar me zai rubuta, ga wa? Wannan sai an tambayi hukuma an sami amsa a rubuce. Ni dai ina ganin rashin adalci ne a tsorata mutum da "abin da ka iya biyo baya" a ƙi faɗa masa mene ne abin. Wanda ya san cewa kuɗinsa ba za su salwanta ba zai yanke shawara da hankalinsa. Wanda aka bari cikin duhu shi ne yake karyar da gonarsa a rabin kuɗi cikin kwana biyu.

Kuma a daina cewa "wa'adi na ƙarshe" idan ana shirin ƙara shi. Mutane suna lura. Idan aka yi na ƙarshe sau uku a shekara guda, ranar da na gaskiya ya zo, wanda Saudiyya ta rufe shafinta a kansa, babu mai yarda. In an ƙara wa'adi, a ce an ƙara, a faɗi dalili a jimla ɗaya.

Fasfo da katin riga-kafi

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Jimlar daidai ce, amma tana bar wa maniyyaci aiki biyu: ya gano daga yaushe ake ƙirgawa, sannan ya ƙirga. Da yawa daga ranar da suka ji sanarwar suke farawa. Mutum ya ji a watan Janairu, ya duba ya ga fasfonsa zai ƙare a Satumba, ya ce ai wata takwas ne, ya kwanta da hankalinsa. Alhali tafiyar a Mayu ce, kuma daga Mayu zuwa Satumba wata huɗu ne. Sai an zo neman biza abin ya fito, lokacin da layin ofishin shige da fice ya riga ya cika da irinsa.

Maganin shi ne a rubuta ranar kanta. Mai sanarwa ya tabbatar da ranar da hukuma ta tsayar, sannan ya ce: "Buɗe shafin da hotonka yake. Duba inda aka rubuta Date of Expiry. Idan ranar da ke wurin ta zo kafin ranar kaza ga watan kaza, fasfonka ba zai yi ba, ka je ka sabunta a wannan makon." An bar waɗannan kalmomi uku da Turanci saboda haka suke a shafin, kuma su yaron da aka miƙa wa fasfon zai nema da ido. A shafin akwai ranar haihuwa, akwai ranar bayarwa, akwai ranar ƙarewa, kuma wanda ba a nuna masa ba yana iya karanto kowacce. A ƙara da gargaɗin cewa ba a yin sabon fasfo sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa dole su zo ɗaya a wuraren biyu. Gyaran wannan saɓani yana cin makonni, saboda haka sanarwarsa ta farkon shekarar aikin hajji ce, tun lokacin kafin alƙalami.

Idan hukuma za ta karɓi fasfo ta riƙe, kamar yadda aka saba, sanarwa ta faɗi haka ƙarara: za a karɓa, za a ba ka shaidar karɓa, ba za ka sake ganinsa ba sai a sansani ranar tashi. A kuma ce kowa ya ɗauki hoton shafin farko ya ajiye a gida. Rashin wannan jimla ɗaya yakan sa dattijo ya yi ta zarya ofis yana tambayar fasfonsa, yana tsoron an ba wani kujerarsa.

Katin riga-kafi ma haka. Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau daga kowane alhaji, kuma sai an yi ta aƙalla kwana goma kafin a isa can. Daga masu zuwa daga Najeriya tana neman ta shawara da ta shan-inna. Cewa "a zo da katin riga-kafi" bai faɗa wa kowa waɗannan kwana goma ba. Sai a rubuta asibitin da ake yi, da ranakun, da ranar da za a rufe, a kuma ce katin ruwan ɗorawa da za a bayar takardar tafiya ce kamar fasfo, a jakar hannu ake sa shi. Maganar gwajin ciki ga mata kuwa, tunda hukuma ba ta barin mai juna biyu ta tafi, ya fi kyau a faɗe ta da wuri cikin mutunci, a faɗi yadda za a yi da kujerar wadda aka samu da ciki. Matar da ta san kujerarta tana nan zuwa wata shekara ba ta da dalilin ɓoyewa.

Ranar da aka kira jirgi

Nan ne kuskure ya fi tsada, domin jirgi mai ɗaukar mutum ɗari huɗu ko ɗari biyar ba ya jiran mutum goma, kuma kujerar da ta tafi wayam asara ce da wani zai ɗauka. Nan ne kuma Hausa take da wani tarko da mai rubutu ya wajaba ya sani. A lissafinmu dare yana gaba da yininsa. Idan aka ce daren Juma'a, mai zuwa masallaci ya san ana nufin daren da ya fara bayan magaribar Alhamis. Amma ɗan boko da yake fassara jadawalin kamfanin jirgi yana iya rubuta "daren Laraba" yana nufin Laraba da dare. Tsakanin fahimtar biyu akwai awa ashirin da huɗu cif.

A ce jadawali ya nuna jirgi zai tashi ƙarfe 1:30 ranar Laraba 14 ga Mayu. Wannan ƙarfe ɗaya da rabi na tsakar dare ne, ana kwana Talata a wayi gari Laraba. Jami'in da ya rubuta "jirginku Laraba ne" ya faɗi gaskiya, kuma mutanensa za su iso sansani Laraba da hantsi su tarar jirgin ya riga ya sauka Madina. Hanyar tsira ita ce kada a sa lokacin tashin jirgi a gaba. Maniyyaci ba shi da aiki da shi. Lokacin da ya shafe shi shi ne na haɗuwa, kuma shi kaɗai ya kamata ya riƙe:

"Sanarwa ta 7, an fitar ranar Lahadi 11 ga Mayu da yamma. Wannan ta maniyyatan jirgi na uku ce, waɗanda sunayensu ke liƙe a ofishin alhazai na sakatariya. Wanda babu sunansa kada ya taso, za a kira shi a nasa jirgin. A haɗu a sakatariya ranar Talata 13 ga Mayu, ƙarfe goma na safe. Motocin hukuma za su tashi zuwa sansanin alhazai ƙarfe goma sha ɗaya. A sanya yunifom, a zo da jakar hannu da hukuma ta bayar, da katin riga-kafi, da rasit, da shaidar karɓar fasfo. A sansani za a ba da fasfo da biza da kuɗin guzuri. Ba za a koma gida ba; daga sansani sai filin jirgi a wannan daren, Talata wayewar Laraba. Jirgin Madina zai sauka. 'Yan rakiya su tsaya a sakatariya."

"Ba za a koma gida ba" ita ce jimlar da aka fi mantawa. Maniyyata sun saba a kira su bita su dawo, a kira su allura su dawo, a kira su karɓar jaka su dawo. Idan ba a faɗa ba, wani zai zo tantancewa da niyyar komawa ya yi sallama da iyalinsa, ya bar maganin hawan jininsa a ƙarƙashin matashi. Faɗin inda jirgi zai sauka kuwa maganar ibada ce. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatar harami a jirgi, sai ranar da zai kama hanyar Makka ya ɗaura a miƙatin mutanen Madina. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, a sama zai ƙetare miƙati, saboda haka haraminsa ya kasance a jikinsa ko a jakar hannu. Akwai kuma masu sauka Jidda a wuce da su Madina a mota. Layi ɗaya a sanarwa ya raba wannan gardama, maimakon a bar ta sai an shiga jirgi.

Nauyin kaya a faɗe shi da kilo, kuma a tambayo na bana kafin a rubuta. Shekaru da dama an saba da kilo 8 na jakar hannu da kilo 32 na babbar jaka, har mutane suka haddace, amma tsarin yana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara ko daga kamfani zuwa kamfani. Abin da aka hana kuma a kira shi da sunansa. "Haramtattun kaya" ba ta sa Hajiya ta tuna da ƙullin goron da ƙawarta ta ba ta, alhali goro yana cikin abin da hukuma take gargaɗi a kansa kowace shekara. A ce goro, a ce wuƙa da almakashi da reza a jakar hannu, a ce maganin da babu takardar likita. A ce kada a karɓi saƙon kowa, ko na ɗan'uwa ne, matuƙar ba a buɗe an gani ba, domin an sha kama mutane a Saudiyya da ƙwayoyin da ba su san suna ɗauke da su ba, kuma hukuncin can mai tsanani ne.

Jerin sunaye yana da nasa rikicin. A ƙaramar hukuma ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya har mutum huɗu. Ga kuma matar da duk garin suka sani da sunan rana ko da sunan ɗanta na fari, amma a fasfo sunan yanka ne da na mahaifinta, wanda ita kanta ba kasafai take jin an kira ta da shi ba. Ana iya kiran sunan sau uku a lasifika tana zaune tana kallo. Sai jami'in da ya san ta ya matso ya durƙusa ya ce, "Inna, ai ke ake kira." Ta ce, "Ni, ɗan nan? Ai ban ji an ce ni ba." Don haka a rubuta sunan yadda yake a fasfo, a haɗa da mazaɓa ko gari da lambar rajistar hukuma, kuma tun a wurin bita a riƙa kiran kowa da sunan fasfonsa har kunne ya saba. Cikakkiyar lambar fasfo da lambar waya kuwa kada a watsa su a zauren WhatsApp. Da su ne 'yan damfara suke bugo wa mutum waya, su kira sunansa da lambarsa daidai, su ce akwai sauran dubu hamsin na biza, ga asusun da za a tura. Lambobi huɗu na ƙarshe sun isa a bambance mutum da takwaransa. A jerin ne kuma ake duba cewa ba a raba miji da mata ba, ba a kuma raba tsoho da wanda zai kula da shi ba, kafin a liƙa.

Idan abu ya sauya

Jadawalin jigila yana sauyawa, wannan ba laifin mai sanarwa ba ne. Jirgi yakan makara a zangon da ya gabata, bizar wasu takan yi jinkiri a musanya su da wasu. Laifin yana zuwa ne idan tsohuwar sanarwa da sabuwa suka ci gaba da yawo tare babu mai iya bambance su. Saƙon murya da aka yi ranar Lahadi yana cewa "gobe" zai iya isa wayar wani ranar Talata, kuma goben nan tana nan daram a cikinsa. Har na bara yakan dawo ya tayar da mutane. Shi ya sa aka sa wa misalin da ke sama lamba da ranar fitarwa, kuma shi ya sa "gobe" da "jibi" da "mako mai zuwa" ba su da wuri a sanarwa, a rubuce ko a murya. Sunan rana da kwanan wata su tafi tare. Idan za a ƙara kwanan watan Musulunci, a tuna cewa lissafin Saudiyya da ganin watan da Sarkin Musulmi ya sanar sukan saɓa da kwana ɗaya, don haka sunan ranar ne madogara.

Sanarwar canji ta fara da canjin: "Sanarwa ta 8. Ta soke ta 7. Jirgi na uku, kada a zo Talata. A zo Alhamis 15 ga Mayu, ƙarfe goma na safe, a sakatariya. Sauran bayani yana nan yadda yake." Idan kuma ba a san sabuwar ranar ba, a faɗi haka, a faɗi lokacin da za a sake magana: "Kowa ya zauna gida. Za mu fitar da sanarwa ta 9 ranar Laraba bayan la'asar, ko an sami rana ko ba a samu ba." Shirun hukuma ne yake cika sansani da mutanen da ba a kira ba, su kwana biyu uku a kan tabarma cikin zafin bazara saboda wani ya ce ya ji an ce. Wa'adin magana ta gaba yana zaunar da mutum a gidansa, matuƙar an cika shi.

Kafin a saki kowace sanarwa akwai gwajin da ba ya cin minti biyar. A samu wanda bai san maganar ba, masinja ko mai shayin bakin sakatariya, a karanta masa sau ɗaya da irin saurin mai rediyo, a ajiye takardar, a ce, "Malam, in kai ne, me za ka yi?" Idan ya faɗi adadin da ranar da wurin da abin da zai riƙo, a sake ta. Idan ya tsaya yana cewa "wato Laraba ke nan ko Talata?", ba shi ne bai gane ba, a koma kan wannan jimlar. Daga nan takarda ɗaya ce za ta tafi ko'ina: ita za a liƙa, ita za a kai rediyo, ita za a karanta a saƙon murya kalma da kalma ba tare da ƙari ba, ita za a ba limamai da masu unguwanni. Idan akwai ta Turanci, mutum biyu su zauna su gwada lambobin ta Hausa da nata ɗaya bayan ɗaya. A garuruwan da dattawa suka fi sakewa da ajami, ko inda Fulfulde ko Kanuri ya fi Hausa ƙarfi a cikin gida, a nemi wanda zai juya ta, shi ma a yi wa tasa wannan gwajin. A ƙasan kowacce a sa lambar waya ɗaya ta ofis da awannin da ake ɗauka, a kuma zaunar da mutum a kanta a waɗannan awannin.